Yadda za ka fitar da adadin da ya kamata ka riƙa ajiyewa duk wata don kuɗin makarantar ɗanka

Yawancin iyayen da suka zauna lissafin kuɗin makaranta hanya ɗaya suke bi. Su ɗauki kuɗin bana, su ninka shi da yawan shekarun karatu, su raba da yawan watannin da suka rage yaro ya gama. Adadin da ke fitowa yana da daɗin gani, amma ƙasa yake da abin da ake bukata, kuma ta fuska biyu. Kuɗin bana ba shi za ka biya baɗi ba. Makaranta kuma ba ta jira sai yaro ya gama kafin ta karɓi kuɗinta, tana da ranakun da take karɓa, kuma a kowace ranar dole kuɗin ya kasance a hannu. Tsarin tanadin da zai yi aiki shi ne wanda aka gwada shi a kan kowace ranar biya, ɗaya bayan ɗaya, aka ga ya tsallake duka.

Zan bi misali guda daga farko har ƙarshe. Yarinya ce da za ta shiga wata makaranta nan da shekara 2, kuma za ta yi shekara 4 a can. Alƙaluman na misali ne, kuma ban sa musu sunan kuɗi ba, domin lissafin iri ɗaya ne ko da wane kuɗi kake biya. Abin da kake bukata shi ne takarda, biro da kalkuletar wayarka.

## Ka fara karanta takardar kuɗin makarantar da kyau

Ka nemi cikakkiyar takardar kuɗi ta bana daga ofishin ma'ajin makarantar, wadda ta nuna dukkan azuzuwa, ba ta ajin da yarinyar za ta fara kaɗai ba. Dalili shi ne makarantu da yawa suna karɓar kuɗi mafi yawa a manyan azuzuwa. Ko da makarantar ba ta ƙara ko kwabo ba, kuɗinka zai tashi a shekarar da yarinyar ta hau babban aji. Wannan tashin daban ne da ƙarin da makaranta ke yi duk shekara, kuma su biyun za su haɗu a kanka.

Idan takardar ta zo hannunka, ka raba abin da ke cikinta gida uku. Akwai abin da ake biya kowace shekara, kamar kuɗin karatu, littattafai, da kuɗin mota ko na kwana idan yarinyar za ta yi amfani da su. Akwai abin da ake biya sau ɗaya a lokacin shiga, kamar rajista da kayan makaranta na farko. Sai abin da ke zuwa a wata shekara takamaimai, wanda babbansa shi ne kuɗin jarrabawar fita. Ka tambayi ma'aji kai tsaye: me kuma iyaye suka biya bara wanda ba ya cikin wannan takarda? Sannan ka yi wa wani uba ko uwa da ɗansu ke makarantar irin wannan tambayar. Duk abin da ya zama dole a biya, ko yana kan takarda ko ba ya kai, ya shiga lissafi. Abin da yake na ganin dama kuwa ka yanke shawara a kansa tun yanzu, ka sa shi ko ka cire shi.

A misalinmu, takardar bana ta nuna cewa aji na 1 da na 2 suna biyan 300,000 a shekara, aji na 3 da na 4 kuma 340,000. Kuɗin shiga 80,000 ne, kuɗin jarrabawar fita 50,000. Saboda haka, a farashin yau, shekarar farko 380,000 ce, ta biyu 300,000, ta uku 340,000, ta huɗu 390,000. Jimilla 1,410,000. Ka rubuta wannan adadi a gefe, za mu dawo kansa.

Ka kuma rubuta ranakun biya. Shin a farkon shekara ake biyan duka, ko zango-zango? Idan zango-zango ne, kuɗin littattafai da na jarrabawa a wane zango suke faɗowa? Waɗannan ranaku su ne ginshiƙin tsarin gaba ɗaya, don haka kada ka yi hasashensu, ka tambaya.

## Ka ciro ƙarin shekara daga tsofaffin takardu

Nan ne mutane suka fi yin kintace, alhali amsar tana rubuce. Ka nemi takardun kuɗin makarantar na shekarun baya, ko tsofaffin rasit daga iyayen da suka riga ka. Ka kwatanta aji ɗaya da kansa: aji na 1 na bana da aji na 1 na bara. Idan wani uba ya ce maka kuɗin ɗansa ya tashi daga kaza zuwa kaza, ka tambaye shi ko yaron ya sauya aji a tsakani, domin idan ya sauya, ƙari biyu ne suka cakuɗe a cikin maganarsa.

A misalinmu mun samu takardu huɗu na aji na 1. Shekara 3 da suka wuce 225,000 ne, sai 240,000, sai 270,000, bana kuma 300,000. Takardu huɗu suna ba da ƙari uku, ba huɗu ba. Ƙarin farko bai kai kashi 7 cikin 100 ba, na biyu kashi 12.5, na uku kashi 11 da ɗan wani abu. Kamar yadda kake gani, makaranta ba ta ƙara kuɗi daidai wa daida. Wata shekarar ta sassauta, wata ta rama.

Abin da muke nema shi ne kaso guda wanda idan aka maimaita shi sau uku zai ɗauke mu daga 225,000 zuwa 300,000. Hanya mai sauƙi ita ce gwaji da kalkuleta. Ka ninka 225,000 da 1.10, abin da ya fito ka sake ninka shi da 1.10, ka kuma sake. Za ka samu 299,475, wanda ya yi kusa da 300,000 ƙwarai. Ke nan ƙarin makarantar kashi 10 cikin 100 ne a shekara. Mai amfani da Excel ko Google Sheets zai samu amsar da layi ɗaya:

```
=(300000/225000)^(1/3)-1
```

Kada ka ɗauki jimillar ƙarin, wato kashi 33 da ɗoriya, ka raba uku. Hakan zai ba ka kashi 11, kuma ba daidai ba ne, domin ƙarin kowace shekara yana hawa ne a kan kuɗin da aka riga aka ƙara, ba a kan na asali ba. A shekara 3 bambancin kaɗan ne, amma idan takardunka na shekara 8 ne ko 10, zai kai ka nesa da gaskiya.

Akwai abin da ya kamata ka lura da shi a cikin tsofaffin takardun bayan kason. Wata makarantar takan bar kuɗin karatu yadda yake, ta ƙirƙiro sabon layi a ƙasa, ko ta cire littattafai daga cikin kuɗin ta ce a saya daban. Idan ka kwatanta layin kuɗin karatu kaɗai za ka ce ba a yi ƙari ba. Shi ya sa jimillar abin da ya fita daga aljihun iyaye ake kwatantawa. Haka kuma makarantar da ta yi shekara biyu ko uku ba ta taɓa kuɗinta ba alhali kayan masarufi suna ta tashi, ni ban ɗauke ta a matsayin mai arha ba. Albashin malamai da kuɗin tafiyar da makaranta suna bin tsadar rayuwa, kuma ƙarin da aka jinkirta yakan zo da yawa a lokaci guda. Idan babu tsofaffin takardu kwata-kwata, misali makarantar sabuwa ce, ka yi amfani da na makarantu biyu masu kama da ita, ka kuma duba alƙaluman hauhawar farashi da hukumar ƙididdiga ta ƙasarka ke fitarwa, ka ɗauki wanda ya fi girma.

## Ka mayar da farashin yau farashin ranar biya

Yanzu kowace shekarar karatu za a ɗora mata ƙarin da zai faru kafin a iso ta. Abin kula a nan shi ne ƙidayar sau nawa za a yi ƙarin. Takardar da ke hannunka ta bana ce. Baɗi za a yi ƙari na ɗaya, shekarar da yarinyar za ta shiga a yi na biyu. To, shekararta ta farko ƙari 2 ne a kanta, ta biyu 3, ta uku 4, ta huɗu 5. Kuskuren ƙidaya da guda ɗaya kawai zai rage dukkan lissafinka da kusan kashi 10 cikin 100, don haka ka rubuta shekarun a jere, ka ƙirga da yatsa.

Shekarar farko: 380,000 a ninka da 1.10 sau biyu, ya zama 459,800. Shekara ta biyu: 300,000 sau uku, 399,300. Ta uku: 340,000 sau huɗu, 497,794. Ta huɗu: 390,000 sau biyar, 628,099. Ka cike kowanne zuwa dubun da ke samansa, domin a tanadi cikewa sama ake yi, ba ƙasa ba. Sai su zama 460,000 da 400,000 da 498,000 da 629,000. Jimilla 1,987,000.

Ka dubi adadin da ka rubuta a gefe, 1,410,000. Bambancin ya haura 570,000, wato ya fi kuɗin shekarar farko gaba ɗaya. Uban da ya yi lissafi da farashin yau bai yi sakaci ba, ya ajiye kuɗi tsakani da Allah, amma zai wayi gari a shekarar ƙarshe asusun ya ƙare, a daidai lokacin da jarrabawar fita ke gaba kuma sauya makaranta ya fi wuya.

Na ɗora kashi 10 a kan komai, har da kuɗin shiga da na jarrabawa, don sauƙin lissafi. Idan kana da tarihin kuɗin jarrabawar daban, musamman da yake sau da yawa wata hukuma ce ke sa shi ba makarantar ba, ka ba shi nasa kason.

## Gwajin ranakun biya

Wannan shi ne zuciyar aikin. Bari mu ɗauka makarantar tana karɓar kuɗin shekara a farkonta. Idan ka fara ajiya a wannan watan, za ka yi ajiya sau 24 kafin biyan farko, sau 36 kafin na biyu, sau 48 kafin na uku, sau 60 kafin na ƙarshe.

A kowace ranar biya ka yi tambaya ɗaya: zuwa wannan rana, nawa ne jimillar abin da ya kamata a ce na biya, kuma sau nawa na samu damar yin ajiya? Ka raba na farko da na biyu.

- Wata na 24: 460,000 a raba 24, kusan 19,200
- Wata na 36: 860,000 a raba 36, kusan 23,900
- Wata na 48: 1,358,000 a raba 48, kusan 28,300
- Wata na 60: 1,987,000 a raba 60, kusan 33,200

Mafi girma a cikinsu shi ne amsarka, 33,200 a wata. Dalilin ɗaukar mafi girma a bayyane yake: duk adadin da ya gaza shi zai faɗi a wannan ranar, shi kuwa zai tsallake sauran ranakun da rara. Idan akwai kuɗin da ka riga ka tara don wannan karatu, ka cire shi daga jimillar kowane layi kafin ka raba.

Yanzu mu ga abin da ke faruwa da wanda ya raba jimillar da watanni 72, wato har ranar da yarinyar za ta gama. Zai samu 27,600. A biyan farko zai biya ya yi rarar sama da 200,000. A na biyu rarar ta ragu zuwa wajen 133,000, amma har yanzu hankalinsa a kwance yake. A na uku sai ya ga giɓin 33,000, a na huɗu giɓin ya kai 331,000. Shekara uku tsarin yana nuna masa lafiya lau, alhali tun ranar farko da ɓaraka a cikinsa. Watanni 12 na ƙarshe da ya ƙirga suna zuwa ne bayan makaranta ta riga ta karɓi kuɗinta na ƙarshe.

Wannan ya nuna wani abu da nake so kowane uba da uwa su riƙe. Rarar da ke cikin asusu a shekarun farko ba rara ba ce. A tsarin 33,200, bayan biyan farko za a ga sama da 336,000 zaune a asusu, kuma zuciya za ta ce ai akwai kuɗi. Wannan kuɗin na shekara ta uku da ta huɗu ne, domin a waɗannan shekarun ajiyar wata 12, wato 398,400, ba ta kai kuɗin makaranta ba. Wanda ya taɓa shi ya ci kuɗin jarrabawar yarinyar ne tun tana aji ɗaya.

Ba kullum ranar ƙarshe ce mafi matsi ba, shi ya sa ake gwada duka. A ce uban bai fara ba sai da ya rage wata 6 a shiga. Layin farko zai zama 460,000 a raba 6, wato 76,700, alhali sauran layukan ba su kai 48,000 ba. A nan ranar farko ce ke da nauyi. Abin yi shi ne ya raba tsarin biyu: ya ajiye 76,700 na wata 6, bayan biyan farko ya sake gwajin da abin da ya rage, wanda zai sauko da shi zuwa 42,500. Wanda kuma ya jinkirta da shekara ɗaya tak, adadinsa zai tashi daga 33,200 zuwa 41,400. Kuɗin makarantar bai canja ba, watannin da za su ɗauke shi ne suka ragu.

Idan zango-zango ake biya, layukan za su zama 12 maimakon 4, amma aikin bai sauya ba. A misalinmu, idan zangunan suna da tazarar wata 4, biyan ƙarshe zai faɗo a wata na 68, kuma adadin zai sauko zuwa 29,300. Wanda kuɗinsa ba wata-wata yake shigowa ba, manomi ko mai sana'ar da ke da lokacin ciniki, sai ya ƙirga lokutan da zai iya yin ajiya kafin kowace ranar biya maimakon watanni. Idan sau biyu ne a shekara, to kafin biyan farko ajiya 4 ke gabansa, ba 24 ba.

Mai son ya sa wannan a Excel zai iya jera watannin daga A2 zuwa A5, farashin yau daga B2 zuwa B5, yawan ƙari daga C2 zuwa C5, kason ƙari a G1 a matsayin 0.10, abin da ke hannu a G2, sannan ya kwafi D2, E2 da F2 zuwa ƙasa har layi na 5:

```
D2: =B2*(1+$G$1)^C2
E2: =SUM($D$2:D2)
F2: =(E2-$G$2)/A2
G3: =MAX(F2:F5)
```

Amfanin haka shi ne idan ka sauya G1 komai zai sauya da kansa. Idan yara biyu ne ko uku, kada ka yi wa kowa tsari daban sannan ka haɗa. Ka jera dukkan ranakun biyansu a jadawali ɗaya bisa watanni, domin shekarar da ɗaya ke shiga ɗaya kuma ke jarrabawar fita ita ce za ta fi matsi, kuma a jadawali ɗaya kaɗai za ta fito fili.

## Idan ƙarin ya wuce yadda ka zata

Kashi 10 tarihi ne, ba alkawari ba. Saboda haka ka sake lissafin sau ɗaya da kaso mai zafi. Ni nakan ce a ɗauki ƙari mafi girma da aka gani a tsofaffin takardu a ɗan haura shi. A nan mafi girma kashi 12.5 ne, to mu gwada 15. Jimillar za ta tashi zuwa 2,338,000, ajiyar wata kuma 39,000. Bambancin 5,800 ne a wata.

Yanzu kana da adadi biyu, 33,200 da 39,000. Na farko shi ne ƙasan da bai kamata ka sauka ba. Na biyu shi ne inda za ka kai idan abubuwa sun yi tsanani. Idan samunka zai ɗauki na biyun, ka ɗauke shi, abin da ya yi saura a ƙarshe zai zama somin tanadin matakin karatu na gaba. Idan ba zai ɗauka ba, ka tsaya a na farko, amma ka san tun yanzu daga ina za ka ciro ƙarin idan ya zo. Akwai ƙa'idar da masu lissafin kuɗi ke amfani da ita wajen saurin ganin nauyin kaso: ka raba 72 da kason, za ka samu kimanin shekarun da kuɗi zai ninka biyu. A kashi 10 shekara 7 ne da 'yan watanni, a kashi 15 bai cika shekara 5 ba. Wanda ɗansa yana jariri yake lissafin karatun da ke shekara 12 a gaba, wannan ƙa'ida za ta nuna masa cewa tazarar kashi 5 kacal tana iya sauya amsar gaba ɗaya.

Akwai kuma hanyar sauƙaƙa farko. Maimakon adadi ɗaya na tsawon shekara 5, kana iya farawa da 27,200, ka riƙa ƙara kashi 10 cikin 100 duk shekara, har ka kai wajen 39,800 a shekara ta biyar. Wannan ma yana tsallake dukkan ranakun biya huɗu. Sharaɗinsa shi ne samunka ya riƙa tashi kamar haka. Idan albashinka ko cinikinka bai saba ƙaruwa duk shekara ba, wannan hanya tura nauyi gaba ce kawai, gara ka tsaya a kan adadi ɗaya.

## Inda kuɗin zai zauna

Ka ware wa kuɗin asusunsa daban da na cefane, ka kuma sa a riƙa cire ajiyar a ranar da kuɗi ya shigo, ba a ƙarshen wata ba. Da gangan ban sa wata riba a lissafin ba. A tsarin shekara 5 mafi yawan kuɗin ba ya daɗewa a ajiye, kuma ribar da ba ta shigo ba tukuna bai kamata a biya kuɗin makaranta da ita a kan takarda ba. Idan ta zo, ta kowace hanyar da ta dace da aƙidarka, za ka gan ta a bitar shekara, ta rage maka ajiyar gaba.

Abu biyu ne ba na sassauci a kansu. Kuɗin da za a biya cikin shekara ɗaya ko biyu kada ya shiga inda darajarsa za ta iya faɗuwa, ko hannun jari ne, ko kayan da sai an samu mai saye, ko bashin da aka ce za a dawo da shi kafin a koma makaranta. Idan kuma ka sa wani ɓangare a ajiya mai wa'adi, wa'adin ya cika aƙalla wata ɗaya kafin ranar biya, domin cirewa kafin lokaci sau da yawa tana zuwa da tara ko asarar riba.

Idan makarantar tana rangwame ga wanda ya biya shekara gaba ɗaya, kuma rarar asusunka ta isa ba tare da ta karya wata ranar biya ba, abu ne mai kyau. Sai dai ka nemi a rubuta maka abin da za a mayar idan yarinyar ta bar makarantar a tsakiyar shekara.

## Bitar shekara

Duk ranar da sabuwar takardar kuɗi ta fito, ka sake zama. Aikin ba zai wuce rabin sa'a ba, tunda jadawalin yana nan.

A ce shekara ta zagayo, ka ajiye 398,400, sai takardar ta fito da ƙarin kashi 14 a kan komai. Aji na 1 ya zama 342,000 maimakon 330,000 da ka zata. Abu biyu suka sauya. Tushen lissafin ya tashi, kuma tarihin ƙarin ma ya sauya, domin daga 225,000 zuwa 342,000 cikin shekara 4 kashi 11 ne a shekara. Sai ka sa sabbin farashin, ka rage yawan ƙari da ɗaya a kowane layi, ya zama 1, 2, 3, 4, ka kuma rage watanni da 12. Sabuwar jimilla 2,108,000 ce. Ka cire 398,400 da ke hannu, ka raba da 48, za ka samu 35,700. Ƙarin 2,500 ne a wata. Wanda bai yi bitar ba zai ci gaba da 33,200, ya tarar da giɓin 116,000 a shekarar ƙarshe, ya nemi ya cike shi cikin 'yan makonni.

A bitar ka kuma duba abin da ke asusu da abin da ya kamata ya kasance a ciki, wato ajiyar wata a ninka da watannin da suka wuce, a cire abin da aka biya makaranta. Idan ka tsallake wata biyu, kada ka ce za ka rama wata rana, ka sa ainihin abin da ke hannu a lissafin, sabon adadin zai raba giɓin a kan watannin da suka rage. Alamar cewa tsarin ya fara kaucewa ita ce idan bita biyu a jere sun ɗaga adadin da yawa, ko kuma ka ga kana cika kuɗin zango daga kuɗin gida alhali asusun ne ya kamata ya biya. A lokacin kasonka ne ya yi ƙasa, ko kuma akwai kuɗin da ake biya wanda bai shiga jadawali ba, sai ka koma kan rasit na shekarar ka nemo shi.

Yana iya yiwuwa ka gama lissafin ka ga adadin ya fi ƙarfin samunka. Abubuwan da za ka iya taɓawa a jadawalin sanannu ne. Kana iya cire abin da yake na ganin dama, kamar mota ko kwana idan akwai mafita. Kana iya neman biya zango-zango, wanda muka ga ya sauko da adadin daga 33,200 zuwa 29,300. Kana iya tambayar rangwamen 'yan'uwa ko tallafin karatu, amma ka sa shi a lissafi sai bayan an tabbatar maka a rubuce. Abin da ba za ka taɓa ba shi ne kason ƙari, domin rage shi daga 10 zuwa 5 a kan takarda ba zai rage abin da makaranta za ta nema ba. Idan bayan duk wannan adadin bai sauko inda za ka iya ba, ka karɓo takardar kuɗin makaranta ta biyu da ta uku, ka bi da su ta wannan gwajin tun yarinyar ba ta shiga ba, ka zaɓi wadda layinta mafi girma yake cikin abin da za ka iya ajiyewa duk wata har zuwa ranar biya ta ƙarshe.